Yana tangaɗi alhali babu giya a jikinsa: nazarin wani lamari na ƙarancin tayamin

Da yamma aka kawo shi, matarsa ta riƙe hannu ɗaya, babbar 'yarsa ta riƙe ɗaya. Mutum ne mai shekara 56, dogo, wanda da ganin yadda riga ta yi masa yawa ka san ba haka jikinsa yake a da ba. Da aka zaunar da shi a bakin gado sai ya zauna, da aka ce ya kwanta sai ya kwanta. Bai yi gardama da kowa ba, bai ɗaga murya ba. Na tambaye shi sunansa ya faɗa daidai. Na tambaye shi ina muke, sai ya waiwaya ya dubi bango, ya ce wurin aiki.

Matar ce ta ba da labarin, kuma ba ta ɓoye komai ba. Ya fi shekara 25 yana shan giya, a shekarun baya-bayan nan kusan kullum, mai ƙarfi kamar rabin kwalba a yini, wani lokaci fiye. Mako uku kafin zuwansu ya fara amai da zafin ciki. Abinci ya daina shiga, in ya ci loma biyu sai ta dawo, amma bai daina sha ba sai kwana shida da suka wuce, lokacin da cikin ya ƙi karɓar ko giyar. Kwana biyu bayan nan suka kai shi wani ƙaramin asibiti aka yi masa ƙarin ruwa, leda bayan leda, har kwana biyu. Ta tuna an ce mata ruwan mai sukari ne, don ya samu ƙarfi tunda ba ya cin abinci. Ranar da aka cire ruwan ne ya tashi zai je bayan gida ya kasa tafiya sai da dafa bango.

"Likita," in ji ta, "na san tafiyarsa in ya sha. Shekara nawa ina ganinta. Wannan wata ce daban."

Na rubuta maganarta a takarda, amma ban ba ta nauyin da ya kamace ta ba, kuma daga nan kuskurena ya fara.

Daren farko

Abin da na auna a lokacin shi ne bugun zuciya 104 a minti, awon jini 100 bisa 60, zafin jiki digiri 35.6, sukarin jini milimol 5.4 a lita, wato daidai. Hannuwansa na ɗan rawa. Babu zazzaɓi, wuyansa bai sandare ba, idonsa bai yi ruwan ɗorawa ba. Na shafa kansa ban ji kumburi ko rauni ba. Ban tsayar da shi ya yi tafiya a gabana ba, saboda na ga ya galabaita. Ban kuma sa ya bi yatsana da ido ba, na haska ƙwayar idon kawai na ga tana tsukewa yadda ya kamata, na wuce.

Na rubuta cewa rikicin yanke giya ne. Na ba shi dayazefam, maganin da ke kwantar da jiki ya sa barci, miligiram 10, na rubuta ƙwayar tayamin, wato bitamin B1, miligiram 100 sau ɗaya a rana, na sa a ɗauki jini, na nemi hoton kai saboda mashayi kan faɗi ya bugu jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai ba tare da kowa ya sani ba. A takarda dai komai ya yi kyau, har da tayamin a ciki.

Da na zauna na yi lissafi da na ga abin bai haɗu ba. Rikicin yanke giya mai tsanani yakan taso ne tsakanin kwana biyu zuwa huɗu bayan kurɓar ƙarshe, kuma mai shi ba ya zama lafiya: gumi ne, makyarkyata, zuciya na gudu, awon jini ya hau, jiki ya yi zafi, yana ganin ƙwari a bango yana neman fizge allurar ruwa ya gudu. Wannan kuwa kwana shida rabonsa da giya, jikinsa ya yi sanyi, awon jininsa ƙasa, ga shi shiru kamar wanda aka ajiye. Ruɗewarsa ta rashin damuwa ce. Ba ya tambayar me ya kawo shi, ba ya neman tafiya gida, in ka yi masa magana ya amsa gajere ya koma ya lumshe ido.

Wata nas ce ta warware mana washegari da safe. Ta zo ba shi ƙwayarsa, ta miƙa masa kofin ruwa, sai ta ga ya kai hannu gefen kofin ya damƙi iska. Ya sake kaiwa ya sake kuskurewa. Sai ya rufe ido ɗaya da tafin hannu, nan take ya kama kofin. Ta same ni ta ce, "Likita, baban nan na gado na huɗu biyu-biyu yake gani."

Abin da ido da ƙafa suka nuna

Na koma na yi abin da ya kamata in yi tun jiya, wanda bai ci minti biyar ba. Na riƙe haɓarsa don kada ya juya kai, na ce, "Baba, bi yatsana da ido kawai." Da na kai yatsan dama, idon dama ya taho ya tsaya a hanya, bai kai kusurwa ba, fari ya rage a gefe. Da na kai hagu, idon hagu ma ya yi haka, ko da yake ya ɗan fi na daman tafiya. Duk inda ya kalla gefe kuma ƙwayar idon sai ta riƙa fizga, ta zame a hankali ta koma da sauri. Da ya kalli sama ma tana fizgar, sama da ƙasa. In ya kalle ka kai tsaye za ka ga idon dama ya ɗan karkato wajen hanci, kamar mai harara-garke. 'Yarsa ta ce bai taɓa zama haka ba.

Rawar ƙwayar ido ita kaɗai ba hujja ba ce, domin maye kan kawo ta, dayazefam ɗin da na ba shi ma yana iya kawo ta. Amma idon da ya kasa kaiwa kusurwa a ɓangarorin biyu ba aikin maye ba ne. Wannan rauni ne a tushen jijiyar da ke jan ido waje, can a gindin ƙwaƙwalwa.

Muka tayar da shi tsaye, mu biyu. Ya ware ƙafafu sosai kafin ya iya tsayuwa. Na ce ya haɗa su, yana haɗawa ya tafi baya sai da muka tare. Tafiyarsa gajerun taku ne, ƙafa a ware, gangar jiki na lilo. Abin lura shi ne da ya koma ya zauna na ce ya taɓa hancinsa da yatsa, ido ɗaya a rufe, ya taɓa ba matsala, maganarsa ma ba ta karye ba. Haka wannan ciwo yake: yana kama tsakiyar ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, ɓangaren da ke kula da tsayuwa da tafiya, ya bar hannu kusan lafiya. Shi ya sa wanda aka duba yana kwance a gado zai iya wucewa a ce ba shi da komai. Sai an tsayar da shi ake gani. Na kuma taɓa tafin ƙafarsa da auduga bai ji sosai ba, jijiyoyin ƙafar su ma sun taɓu, abin da ke ƙara wa tangaɗin ƙarfi.

Ruɗewa, matsalar motsin ido, da tangaɗi. Waɗannan ukun su ne abin da likitan Jamus Carl Wernicke ya bayyana a 1881, ciwon da ake kira da sunansa har yau. Marasa lafiya uku ya rubuta a kansu, biyu maza mashaya, ta ukun kuwa matashiya ce da ta sha ruwan asid ya ƙone mata mafitar ciki ta yi ta amai. Tun daga farko ke nan an ga cewa ba sai da giya ake kamuwa ba. Mai ciki da amai ya yi wa yawa, wanda aka yi wa tiyatar rage tumbi, mai ciwon daji da ya daina cin abinci, duk suna iya faɗawa. Giya dai ita ce hanyar da ta fi kai mutane wurin.

Yadda giya ke kai mutum nan

Tayamin shi ne bitamin B1. Aikinsa a jiki ɗaya ne babba: sai da shi ƙwayoyin jiki ke iya ƙona sukari su fitar da kuzari. Ƙwaƙwalwa kuwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin ɗari na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 na kuzarin, kuma kusan duka daga sukari. Jiki ba ya ƙera tayamin, ba ya kuma tara shi da yawa. Duk ajiyar ba ta wuce miligiram 30 ba, buƙatar babban mutum a rana kuma miligiram ɗaya ne da 'yan kai. In shigowa ta tsaya, mako biyu zuwa uku sun isa ajiyar ta ƙare.

Mashayi na dogon lokaci ana cin sa ta fuska huɗu a lokaci guda. Giya na cika ciki ta ba da kuzarin da ba bitamin a ciki, sai cin abinci ya ragu. Ɗan abin da ya ci ma giyar na hana hanji tsotse tayamin ɗin da ke ciki. Hantar da ta gaji ba ta iya ajiye shi kamar da. Sannan kafin tayamin ya yi aiki sai an juya shi zuwa wani siffa a cikin ƙwayar jiki, wannan juyin kuma yana buƙatar sinadarin maganiziyam, wanda giya ke sa ƙoda ta zubar da shi a fitsari. Mutum zai iya shekaru a haka yana lallaɓawa a bakin gaɓa, abin da ke shiga yana ɗan biyan abin da ke fita. Sai ranar da wani abu ya faru, amai ko gudawa ko zazzaɓi, ya tura shi.

A wurin mutumin nan mako uku na amai ne suka ƙarar da ajiyar. Ruwan sukarin da aka ɗora masa na kwana biyu ya ƙarasa. Idan aka zuba wa jiki sukari ta jijiya, ƙwayoyin jiki sai su tashi ƙona shi, su ƙwace ɗan guntun tayamin da ya rage. Sassan ƙwaƙwalwar da suka fi kowa cin kuzari su ne ke fara kasawa: kewayen ramukan ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, inda tushen jijiyoyin ido suke, da wasu 'yan ƙulluwa biyu ƙanana a ƙasan ƙwaƙwalwa waɗanda hanyar ajiye sabon tunani ke bi ta cikinsu. Da farko ƙwayoyin kumbura kawai suke yi, kuma a wannan mataki in tayamin ya iso suna farfaɗowa. In aka ɗau kwanaki sai su fara mutuwa, ƙananan jijiyoyin jini su tsiyaye, wurin ya zama tabo.

Na ji haushin waɗanda suka ɗora masa ruwan ba tare da allurar tayamin ba, amma laifi tudu ne, nima na kwana a kan nawa. Kuma kada a fahimce ni a karkace: wanda sukarinsa ya faɗi ƙasa ana ba shi sukari nan take, ba a tsaya neman tayamin ba, domin faɗuwar sukari na iya lalata ƙwaƙwalwa da sauri. Abin da ake so shi ne a haɗa su tare, ko tayamin ya biyo baya ba da jimawa ba. Haɗarin yana wurin ruwan sukari na sa'o'i da kwanaki a jikin wanda ya daɗe bai ci ba.

Me ya sa ƙwayar da na rubuta ba ta isa ba

Miligiram 100 a kan takarda ya yi kama da abu mai yawa, tunda ya kusa ninka buƙatar rana sau ɗari. Matsalar tana hanji. Hanyar da hanji ke ɗaukar tayamin ƙofa ce ƙarama mai cika da wuri, ko mai lafiya abin da yake samu daga ƙwaya guda 'yan miligiram ne, kusan huɗu zuwa biyar a ƙiyasin da aka fi ambato. Mashayin da ya rame yana samun ƙasa da haka nesa, balle wanda ke amai. Ga kuma ƙofa ta biyu tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, wadda ita ma ba ta barin tayamin ya wuce da yawa sai in ya taru sosai a jini ya kutsa da ƙarfin yawansa. Allura ta jijiya ce kaɗai ke kai shi wannan matsayi. Kuma ba ya daɗewa a jini, cikin 'yan sa'o'i ƙoda ta tace shi, dalilin da ya sa ake maimaitawa sau uku a rana maimakon a zuba gaba ɗaya.

Tsarin da muka bi shi ne wanda aka fi sani daga ƙa'idar Kwalejin Likitoci ta Landan: miligiram 500 a cikin ruwan gishiri mililita 100, ya shiga a hankali cikin rabin sa'a, sau uku a rana na kwana uku, sannan miligiram 250 sau ɗaya a rana na ƙarin kwana biyar ko har sai sauƙin ya daina ƙaruwa. Ƙa'idar likitocin jijiyoyi na Turai ta 2010 ta ce miligiram 200 sau uku a rana. Adadin ya bambanta, amma dukkansu sun haɗu a kan cewa ta jijiya ne, sau da yawa a rana, kuma a fara da zarar an yi zato. Abin tsoro a allurar shi ne jiki ya ƙi ta da tsanani, numfashi ya sarƙe, wanda ba kasafai yake faruwa ba, shi ya sa ake sakinta a hankali da allurar adirinalin a kusa. Yawanta kuwa ba ya cutarwa, rarar fita take a fitsari.

Ba mu jira gwajin tayamin a jini ba. Yawancin asibitoci ba sa yin sa, inda ake yi yakan ɗau kwanaki, kuma abin da ke jini ba ya faɗa maka abin da ke ƙwaƙwalwa. Hoton kan da na nema ya dawo babu tarin jini, sai 'yar ƙanƙancewar ƙwaƙwalwa irin ta masu daɗewa a sha. Wannan hoton amfaninsa kawar da wasu cututtuka ne, ba ya nuna ciwon Wernicke. Hoton maganaɗisu na MRI ya fi shi, amma shi ma kusan rabin masu ciwon ne kawai yake kamawa, don haka in ya fito lafiya bai wanke kowa ba.

Sakamakon jini ya ƙara mana abu ɗaya mai muhimmanci. Maganiziyam ɗinsa milimol 0.48 ne a lita, alhali ƙasan mizani 0.7 ne, fotasiyam kuma 3.1, shi ma ƙasa da mizani. Muka ɗora masa maganiziyam ta jijiya tare da tayamin ɗin. Akwai marasa lafiyar da za ka yi ta zuba wa tayamin ba canji, sai ranar da aka gyara maganiziyam su farka. Muka dakatar da dayazefam. Abinci kuma muka mayar masa kaɗan-kaɗan, muna auna gishirin fosfet a jininsa kullum, domin cika wa mai daɗaɗɗiyar yunwa ciki lokaci guda na iya rikita gishirin jini har ya taɓa zuciya.

An fara allurar farko ƙarfe tara da rabi na safe, kusan sa'a 16 bayan isowarsa wurinmu, kuma kusan kwana uku bayan fara tangaɗinsa.

Abin da ya dawo da abin da bai dawo ba

Ido ne ya fara. Da yamma a ranar idon hagu ya kai kusurwa, washegari na dama ya biyo, gani biyu-biyu ya tafi. Wannan saurin shi kansa tabbaci ne cewa mun kama ciwon daidai, babu wata cutar da ke shanye jijiyar ido ta sake ta cikin sa'o'i saboda bitamin. Zafin jikinsa ya dawo 36.7, awon jini ya hau. Rawar ƙwayar ido ta sama da ƙasa ta ɓace cikin mako guda, ta gefe kuwa ta rage kaɗan, kuma a wurin mutane da yawa takan zauna har abada ba tare da ta dame su ba.

A kwana na huɗu ya fara tambayar abinci, ya fara hira, yana yi wa nas barkwanci. Iyalinsa suka yi murna, nima haka. Amma da hazon ruɗewar ya yaye sai abin da ke ƙarƙashi ya fito fili.

A kwana na goma na zauna da shi na ce, "Baba, zan faɗi abubuwa uku ka riƙe mini: kujera, agogo, kogi." Ya maimaita su tsaf. Na ba shi lambobi shida ya maimaita ba kuskure. Muka yi hira ta minti biyar kan aikinsa na da, ya ba ni labarin abokan aikinsa da sunayensu. Sai na ce ya faɗa mini abubuwa ukun nan. Ya dube ni da mamaki, ya ce ai ban ba shi komai ya riƙe ba. Na fita na dawo bayan kwata, ya gaishe ni kamar baƙo. Na tambaye shi me ya yi jiya, sai ya ce ya je ya duba ƙanensa ba shi da lafiya, ya dawo da dare. 'Yarsa ta sunkuyar da kai. Ƙanen ya rasu shekara bakwai da suka wuce.

"Baba," ta ce a hankali, "kwananka goma a nan."

"Haba dai," ya ce, yana dariya.

Ba ƙarya yake yi ba, kuma wannan sai da na zauna na bayyana wa iyalin, domin matar ta fara jin zafi tana ganin tsohon halin ɓoye-ɓoye ne ya dawo. Ƙwaƙwalwar ce ke tarar da giɓi ta ɗauko wani tsohon abu ta toshe, mai ita kuma ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Wannan yanayi shi ne wanda likitan Rasha Sergei Korsakoff ya bayyana a ƙarshen shekarun 1880: mutum a farke, hankalinsa da dabararsa suna nan, tsofaffin abubuwa da yawa suna nan, amma sabon abu ba ya zama. Ciwon Wernicke shi ne gobarar, na Korsakoff shi ne abin da ta bari. A babban binciken da Victor da Adams da Collins suka wallafa a 1971 kan marasa lafiya 245, kusan kashi 80 cikin ɗari na mashayan da suka tsira daga na farkon sun shiga na biyun, kuma a cikinsu kusan ɗaya cikin huɗu ne ya warke sosai. A tuna dai a wancan zamani allurar da ake bayarwa ba ta kai ta yanzu ba.

Shin sa'o'i 16 ɗin da na ɓata su ne suka ci tunaninsa, ko kwana biyun da suka gabace su sun riga sun yi ɓarnar? Babu gwajin da zai raba wannan. Abin da ke hannuna dai sa'o'i 16 ɗin ne.

Abin da ya fi damuna da lamarin shi ne mutumin nan ya zo da alamomin uku cif, irin na littafi, na kuma rasa shi dare guda. Yawanci ba sa zuwa haka. Clive Harper da abokan aikinsa a Ostireliya sun wallafa a 1986 nazarin gawarwaki 131 da aka tabbatar suna da ciwon: kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka rubuta musu alamomin uku suna raye, kashi 19 ba a rubuta musu ko ɗaya ba, kuma kashi 80 sun mutu ba a gano ciwon ba. Wannan ne ya sa a 1997 Caine da abokan aikinta suka kawo ma'auni mai sauƙi. Abubuwa huɗu ne: rashin cin abinci, matsalar motsin ido, tangaɗi, da ruɗewa ko raunin tunani. Mashayin da ke da biyu daga ciki a ɗauke shi yana da ciwon a yi masa magani. Da wannan ma'auni majinyacina ya cika sharaɗi tun a bakin ƙofa, daga labarin matarsa kaɗai, kafin a duba ido.

Dalilin da ake rasa su a ganina ba ƙarancin ilimi ba ne kawai. Duk alamar ciwon nan tana kama da maye. Mashayi ya yi tangaɗi, ya yi shirme, ya manta, wa zai yi mamaki? Iyali su ce ya sha ne, a bar shi ya yi barci. Ma'aikacin asibiti ya ji warin giya ko ya ji tarihinta, ya rufe tunaninsa a nan. Bambancin da kowa zai iya riƙewa shi ne maye yana sakin mutum cikin sa'o'i. Wanda ya kwana ya yini bai sha ba amma tafiyarsa ba ta miƙe ba, ko ya ce yana ganin abu biyu, ko ya yi shiru ya daina sanin inda yake, musamman bayan kwanaki na amai ko ƙin abinci, asibiti yake buƙata a ranar, kuma a faɗa wa likita gaskiyar yawan shansa da rabonsa da abinci. Ƙwayar bitamin daga kantin magani ba ta isa a wannan mataki ba. Ciwon na kuma iya kama mutum yana cikin maye, jin warin giya a bakinsa bai kore shi ba.

An sallame shi bayan kwana 19, da ƙwayar tayamin miligiram 100 sau uku a rana, wadda yanzu take da amfani tunda ajiya ta cika, hanji ya huta, giya kuma ta fita. Mai gashin ƙashi ya koya masa tafiya da sanda. Mun gaya wa iyalin cewa komawa sha zai rushe duk abin da aka samu, kuma sauƙin tunani, in zai zo, a hankali yake zuwa cikin watanni, har shekara ɗaya ko biyu. Mun ce su daina yi masa jarrabawa da "ka tuna?", su bar kayansa a wuri ɗaya, su tsara masa yini iri ɗaya kullum, su sa masa littafin rubutu a aljihu.

Wata uku bayan nan suka dawo. Ya yi ƙiba kilo shida. Yana tafiya shi kaɗai a cikin ɗaki, ƙafa a ɗan ware, amma juyawa sai ya dafa wani abu, kuma ba ya iya jera ƙafa ɗaya gaban ɗaya a kan layi. Ƙirƙirar labarai ta ragu sosai, yanzu in bai sani ba yakan ce bai sani ba. Daga abubuwa uku ya riƙe ɗaya bayan minti biyar, na biyun ya zo da na ba shi harafin farko. Aiki dai bai koma ba. Giya kuma matar ta ce bai nema ba, ko da yake wani lokaci da yamma yakan sa takalmi ya tsaya a ƙofa, ya manta inda zai je.

Da na tambaye shi ko ya san ni, sai ya zaro littafin daga aljihu ya buɗe shafin farko, inda 'yarsa ta rubuta da manyan baƙaƙe ranar zuwa asibiti da sunan likita. Ya karanta, ya ɗago ya dube ni.

"Kai ne wannan?"

Na ce ni ne.

"To, sannu da aiki, Likita," ya ce, ya mayar da littafin aljihu.